Yadda ake taƙaita takardar sallamar asibiti daga Turanci zuwa Hausa ba tare da an juya maganar likita ba

A asibitocin Makka da Madina da Jidda likita kan yi wa mara lafiya bayani da Larabci, amma takardar sallama da umarnin magani yawanci da Turanci ake buga su. Idan mara lafiyar Bahaushiya ce da ta zo Umara, ko tsohuwa mazauniyar Misfala ko Shara Mansur wadda ba ta karanta boko, sai a miƙa takardar ga wani ɗan gida mai ɗan ilimi a ce: "Don Allah duba mana, ka faɗa mana a taƙaice." Shi kuma ya karanta sau ɗaya, ya tura layi biyu ko saƙon murya na daƙiƙa ashirin. A nan ake yin ɓarna, domin ya haɗa ayyuka biyu wuri guda, fassara da taƙaitawa, kuma kowannensu yana da abin da yake cinyewa. Abin da ya fi saurin faɗuwa shi ne ƙananan kalmomi: kada, sai, idan, har, wataƙila. Sunan cuta da sunan magani ba su cika ɓacewa ba, don manya ne, ido yana ganinsu.

Ga misalin da za mu bi har ƙarshe. A ɗauka wata Hajiya ce mai ciwon suga da hawan jini, an kwantar da ita kwana biyu saboda tari da zazzaɓi da ƙarancin ruwa a jiki, ƙodarta ta ɗan raunana. Abin da ke ƙasan takardarta shi ne:

```
Amoxicillin 500 mg every 8 hours for 7 days.
Paracetamol 500 mg, 2 tabs every 6 hours PRN, max 8 tabs/24 h.
Continue amlodipine 5 mg once daily.
Hold metformin until renal function is repeated.
Avoid ibuprofen and diclofenac.
Possible pneumonia. Return if breathless or fever persists > 48 h.
Follow-up 05/06, fasting from midnight.
```

Irin taƙaicen da aka saba turawa kuwa ba ya wuce haka: "Hajiya ta sha maganinta sau uku a rana, ta ci gaba da na hawan jini, ta riƙe na suga. Tana da ciwon huhu. Ta dawo biyar ga wata da azumi." Hausar ba ta da aibu, kowa zai ji ya gamsu. Amma a cikinta an juya umarni ɗaya gaba ɗaya, an zubar da hani ɗaya, an mayar da zato tabbaci, an kuma bar rana ba a san ta wane wata ba.

Mataki na farko: ƙirga kafin ka fassara

Kada ka fara da Hausa. Ɗauki biro, ka karanta takardar daga sama har ƙasa sau biyu, ka ja layi ƙarƙashin duk abin da idan ya ɓace mara lafiya zai aikata wani abu daban. Adadi, tazarar lokaci, tsawon kwanaki, hani, sharaɗi, da kalmar da ke nuna likita ya tabbata ko zato yake. Sai ka sa wa kowanne lamba.

A takardar Hajiya za ka sami goma sha huɗu. Maganin ƙwayoyin cuta, wato Amoxicillin, yana da biyu, tazarar awa 8 da kwana 7. Maganin zazzaɓi yana da uku: ƙwaya biyu da tazarar awa 6, sai in an buƙata, kuma kada a wuce ƙwaya 8 cikin awa 24. Na hawan jini ɗaya. Na suga biyu, dakatarwa da kuma lokacin da dakatarwar za ta ƙare. Hani ɗaya kan magungunan ciwon jiki. Zato ɗaya. Dalilai biyu na komawa asibiti da gaggawa. Sai ranar dawowa da batun rashin cin abinci. Rubuta 14 a gefen takarda. Duk yadda ka matse saƙonka daga baya, sai an iya nuna waɗannan goma sha huɗun a cikinsa ɗaya bayan ɗaya. Taƙaicen da ke sama guda ɗaya kawai ya kawo lafiya lau, wato na hawan jini.

Mataki na biyu: fassara duka, da tsawonta

Wanda ya taƙaita da Turanci tukuna sannan ya fassara, yana yanke abin da bai gama fahimta ba. Sai ka juya kowane layi zuwa cikakkiyar Hausa ne kake gane inda ka tsaya cak. Saboda haka fassarar farko ta yi tsawo, ba laifi, kai kaɗai za ka gan ta.

Layi na huɗu shi ne mafi haɗari. Kalmar `hold` a ƙamus "riƙe" ce, kuma Bahaushe in aka ce masa ya riƙe magani, abin da zai ji shi ne ya dage a kansa, kamar yadda ake cewa mutum ya riƙe sallah ko ya riƙe azkar. A bakin likita kuwa ma'anarta a dakatar. Dalilin dakatarwar shi ne wannan magani ta ƙoda yake fita daga jiki, in ƙoda ta raunana sai ya taru, yana iya jawo taruwar tsami a jini, abin da kan kai mutum ɗakin kulawa ta musamman. Fassarar da ta dace ita ce: kada ta sha maganin suga mai suna kaza har sai an sake gwajin ƙoda likita ya ce ta koma. Rabin jimlar na biyu ma ba ado ba ne. In ka ce "ta daina maganin suga" ka tsaya, Hajiya na iya komawa gida Najeriya ko Nijar ta yi wata uku ba ta sha ba, tana cewa likitan Makka ya hana ta.

Haruffan `PRN` ba sunan magani ba ne, suna nufin sai in buƙata ta taso. Wanda bai san su ba yakan tsallake su, sai magani na lokacin zazzaɓi ya koma na kullum. Iyakar da aka sa kuma lissafi ce: ƙwaya 8 sau miligiram 500 ya ba da giram 4, abin da ya haura haka a rana ɗaya yana iya lalata hanta. Ka tuna cewa magungunan mura da yawa da ake saye a saidaliyya, wato shagon magani, suna ɗauke da Paracetamol a cikinsu, don haka suna shiga lissafin.

"Sau uku a rana" ba daidai yake da "kowace awa takwas" ba. A kunnen mai sauraro rana tana ƙarewa da faɗuwarta, ko kuma ya ɗaura shan magani a kan abinci: takwas na safe, biyu na rana, takwas na dare. Daga nan zuwa safiya awa 12 ke nan babu magani a jini yadda ake so. Ka sa agogo a cikin fassarar: 6 na safe, 2 na rana, 10 na dare. In za ka haɗa da lokutan sallah don tsohuwa ta riƙe, ka faɗi agogon tare, domin lokacin Asuba yana matsawa tsakanin bazara da hunturu. Kuma ka yi mata lissafin da za ta iya dubawa da idonta: uku sau bakwai, ƙwaya 21, in ta ga saura a katin bayan mako guda to an yi tsallake.

Kalmar `possible` tana nufin likita yana zato ne. Hausa tana da wadatar abin faɗin haka: wataƙila, ana zaton, mai yiwuwa. Sai dai kada ka yi amfani da "wai", don tana nuna kai mai fassara ba ka yarda da maganar ba, kuma mara lafiya zai raina takardar duka. In ka zubar da zaton ka ce "tana da ciwon huhu", maganar za ta isa gida a matsayin hukunci, wani ma ya ɗauka tarin fuka ake nufi.

Sai layin ƙarshe. "Azumi" a wurin Musulmi abu ne sananne: daga alfijir zuwa faɗuwar rana, ba ci ba sha. Abin da likita ke nufi shi ne kada a ci abinci daga 12 na dare har a ɗebi jini da safe. Mai rauni a ƙoda da aka kwantar saboda ƙarancin ruwa, in ta yi sahur ta kame bakinta daga ruwa, an yi kuskure biyu: ta ci a lokacin da aka hana, ta kuma bar ruwan da jikinta ke nema. A gwajin jini galibi ana yarda a sha ruwa zalla, amma takardar ba ta faɗa ba, don haka ba kai za ka yanke ba. Tambayi ma'aikaciyar jinya kafin a bar asibitin, ko a kira layin Ma'aikatar Lafiya 937. Kalmar azumi dai kada ta fito a fassararka sam.

Lambobin `05/06` suna iya zama 5 ga Yuni, ko 6 ga Mayu in na'urar asibitin tana bin tsarin Amurka, ko 5 ga Jimada Sani in kalandar Ummul Ƙura, wato ta Hijira da Saudiyya ke amfani da ita, aka bi. Duba ranar da aka buga a saman takardar ka ga tsarin da suka yi amfani da shi, sannan ka gwada da saƙon mau'idi, wato ranar ganin likita, da ke shigowa waya. Idan da lambobin Larabci aka rubuta da hannu, ka lura biyar ɗinsu kamar sifirin boko take, shidansu kuma kamar bakwai. A Hausa ka rubuta sunan rana da sunan wata cikakke. Ka guji "daren Talata", domin a lissafin da muka gada dare yana gaba da yini: daren Talata a wurin tsofaffi shi ne wanda ake shiga bayan Magaribar Litinin, a wurin 'yan boko kuwa wanda ke biyo bayan yinin Talata. Cewa "ranar Litinin da dare" ta kashe gardamar.

Mataki na uku: matsewa

Yanzu ne ake taƙaitawa, kuma a cikin Hausa ake yi. Abin da za a iya zubarwa yana da yawa: tarihin yadda aka kwantar da ita, lambobin gwaje-gwajen da suka fito lafiya, sunan sashe, maimaici, da bayanin dalilai idan wuri ya ƙure. Abin da ka sa wa lamba ba a taɓa shi. In saƙon ya ƙi gajarta fiye da haka, to iyakarsa ke nan, a raba shi biyu. Sunayen magani kuma a kwafe su harafi da harafi yadda suke a jikin kwali, don da su za a gwada a saidaliyya. Kada ka siffanta magani da launi kaɗai, "farar ƙwaya" tana iya zama uku a leda ɗaya.

Inda rubutacciyar Hausa kanta take yaudara

Wannan sashe ne masu fassara suka fi sakaci da shi, don suna ganin tunda an iso Hausa an tsira. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. "Ta sha maganin" a baki abu biyu ne mabambanta: in aka ja "ta" da sauti sama, labari ne, ta riga ta sha, in aka gajarta ta da sauti ƙasa, umarni ne. A rubuce duk ɗaya suke. 'Yar da ke jinya ta karanta "Hajiya ta sha na hawan jini da safe" tana iya ɗauka an riga an ba ta a asibiti, ta ƙi ba ta. A doguwar magana abin da ke gaba da baya yana warware wannan, amma taƙaitawa ita ce ke cire gaba da bayan. Maganinsa shi ne ka sa kalmar da ba ta da fuska biyu: "dole ta sha", "ta riƙa sha", "a ba ta", ko kuma "ta riga ta sha".

Korewa ma haka. "Ba za ta sha ba" tana da ƙafa biyu, ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe. Idan jimla ta yi tsawo, ko aka fara sauraron murya daga tsakiya, abin da ya rage shi ne "za ta sha". Ga hani, fara jimla da "kada", ka sa sunan abin nan take bayanta, ka rufe jimlar kafin ka kawo wani magani. Kada hani da umarni su zauna a jimla ɗaya da waƙafi kawai a tsakaninsu.

Sai haruffa masu lanƙwasa. Saƙon tes na waya yana ɗaukar harafi 160, amma da ka sa ƙ ko ɗ ko ɓ guda ɗaya sai ya koma 70, shi ya sa mutane da yawa suke yar da lanƙwasar, wasu kuma allon wayarsu ma ba shi da ita. A hira ba komai. A umarnin magani "ɗaiɗai" ta zama "daidai", wato ƙwaya ɗaya-ɗaya ta koma "yadda ya kamata". "Gwajin ƙoda" ya zama "gwajin koda", mai karatu ya tsaya yana jiran ƙarshen "ko da". In ba ka da lanƙwasa, canja kalmar: rubuta "ƙwaya 1" da lamba.

Turanci yana da kalma ɗaya ga kai da ke da ku, Hausa kuwa sai ta zaɓa. In takarda tana magana da mai jinya a wani layi, da mara lafiya a wani, dole ka fayyace wa ake nufi a kowanne. Kuma idan ka ce "ku sha" don girmama Hajiya, a ɗakin da mutum huɗu ke tari, kada ka yi mamaki a raba ƙwaya 21 tsakaninsu. A saƙon murya gaisuwa da girmamawa su zo a farko, umarnin kuma ya zo da suna.

Ga saƙon bayan an gyara, a ɗauka an duba an tabbatar 5 ga Yuni ake nufi:

"Hajiya, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ga abin da likita ya rubuta miki. Kada ki sha Metformin, maganin suga, har sai an sake gwajin ƙoda likita ya ce ki koma. Kada ki sha Ibuprofen ko Diclofenac, suna taɓa ƙoda. Amlodipine na hawan jini, ki riƙa shan ƙwaya 1 kullum. Amoxicillin ƙwaya 1 da 6 na safe, 2 na rana, 10 na dare, kwana 7, ko kin ji sauƙi ki ƙarasa. Paracetamol sai in akwai zazzaɓi ko ciwo: ƙwaya 2, a bar awa 6 tsakani. Kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da dare. Ana zaton ciwon huhu ne, ba a tabbatar ba. In numfashi ya yi wuya, ko zazzaɓi ya wuce kwana 2, a koma asibiti nan take. Ranar dawowa 5 ga Yuni. Kada ki ci abinci daga 12 na daren da zai wayi ranar."

An ɗauko hani an kai shi farko, domin farkon saƙo ne ake saurara da nutsuwa. Sauya jeri halal ne. Abu ɗaya a kula: "ƙwaya 1" ta inganta ne kawai idan ka duba kwalin ka ga kowace ƙwaya miligiram 500 ce ko 5 kamar yadda takarda ta ce. In saidaliyya ta ba da mai 250, adadin ya zama biyu.

Idan aka juya, daga Hausa zuwa Turanci

A ranar dawowa kai ne za ka tsaya tsakanin Hajiya da likita, shi kuma yana so a gajarce. Zai tambayi yadda take ji, ta ce "da sauƙi, Alhamdulillahi". Wannan amsar gaisuwa ce, wanda ke kan gargara ma haka yake cewa. In ka juya ta da cewa ta samu sauƙi, likita zai rubuta cewa magani ya yi aiki. Ka bar ta ta gama godiya ga Allah, sannan ka tambaye ta dalla-dalla: "Hajiya, jiya kin yi barci ko tari ya hana ki? Daga masauki zuwa Harami kina tsayawa ki huta sau nawa?" Amsar wannan ce za ka kai wa likita.

Kalmomin jikinmu sun fi na Turanci faɗi. Hannu daga kafaɗa ne har yatsu, ƙafa daga cinya har tafi, ciki kuwa ya haɗa tumbi da mara da juna biyu. Ciwo a hannun hagu daga kafaɗa, ga mai hawan jini, magana ce da likita zai tashi tsaye a kanta, ba kamar ciwon yatsa ba. Ka ce mata ta nuna wurin da hannunta likita ya gani. "Sanyi" na iya zama mura, ko ciwon gaɓoɓi, ko ciwon mara na mata. "Shawara" tana iya nufin idanu sun yi rawaya kawai, ba lallai wata cuta takamaimai ba. "Zazzaɓi" a bakin mutanenmu sau da yawa na cizon sauro ake nufi, alhali likita zafin jiki kawai zai ji. Ga duk waɗannan, fassara abin da take ji a jikinta, ka bar wa likita sanya suna. "Kwanan baya" da "kwana biyu" ma ba adadi ba ne, kwana biyun Bahaushe yakan kai wata. Tambaye ta ko kafin Juma'ar da ta wuce ne ko bayanta. Kuma in ta ambaci jiƙo ko wani sassaƙe da ta taho da shi daga gida, kada ka yanke shi don kunya ko don kana ganin ba magani ba ne. Ga likitan da ke duba ƙoda, wannan na iya zama abin da ya fi nema a duk zancen.

Mataki na ƙarshe: gwaji

Ba wa wani da bai ga takardar ba saƙonka na Hausa, ka ce ya faɗa maka me Hajiya za ta yi gobe daga safe zuwa dare. Kai kuma kana riƙe da takarda kana soke lambobi. In ya kawo 14, saƙo ya tsaya. In ya kawo 12, duba biyun da suka ɓace, galibi za ka tarar suna ƙarshen wata doguwar jimla. Tambayar "kin gane?" ba gwaji ba ce, don amsarta kullum "na gane" ce. Cewa za ka yi: "Hajiya, wane magani ne ba za ki taɓa ba, kuma har yaushe?" A saƙon murya ka faɗi kowace lamba sau biyu, ka tura rubutacce a bayansa tare da hoton takardar asali, don duk likitan da ya gan ta daga baya ya karanta da kansa. A ƙasan saƙon ka ƙara lambar motar asibiti ta Hilal Ahmar, 997, da sunan unguwa da na masauki a rubuce da Larabci, yadda mai jinya za ta iya miƙa wa wani waya ya karanta musu.